Baƙin layin da ke bayan jatan lande

Baƙin layin da ake gani ƙarƙashin ɓawon jatan lande, daga wuya zuwa wutsiya, hanjinsa ne. Masu girki kan kira shi jijiya, amma ba hanyar jini ba ce. Yana tashi daga tumbin da ke cikin kai, ya bi gadon baya, ya ƙare a dubura dab da wutsiya. Abin da ke cikinsa ragowar abinci ne: gansakuka, ƙananan halittun ruwa, ruɓaɓɓen ganye, da laka da yashin ƙasan ruwa inda jatan lande ke kiwo. Shi ya sa launinsa ke sauyawa. Wanda ya ƙoshi kafin a kama shi hanjinsa baƙi ne wuluk, wanda cikinsa wayam kuwa da ƙyar ake gane layin.

Idan jatan lande ya dahu sosai, cin wannan hanji ba ya cutarwa. Babu dafi a cikinsa, kuma zafin da ya dafa tsokar shi ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjin. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa ma'aunin dahuwar abincin teku a digiri 63 na Salshiyos. A ido, alamar ita ce naman ya daina sheƙi irin na ɗanye, ya yi fari har tsakiyarsa. Illar hanjin a baki take: yashi yana gurzar haƙori, wani lokaci da ɗan ɗaci ko ƙarnin laka. A ƙananan jatan lande ba a ko jin sa. Busasshen kirafish da ake kawowa kasuwannin Arewa daga gaɓar teku, irin su Oron a jihar Akwa Ibom, ana daka shi ne gaba ɗaya, da kai da ɓawo da hanji, a zuba a miya, ba wanda ke tsayawa fiɗa.

A manya ne cirewar ke da amfani. A ɗauki babban jatan lande mai tsawon tafin hannu, a ɓare shi, a tsaga bayansa da tsinin wuƙa zurfin milimita 2 zuwa 3, hanjin zai bayyana, sai a ɗago shi a ja a hankali. In ana son barin ɓawon, a soka tsinken sakace tsakanin gaɓoɓi biyu kusa da wutsiya, a zura shi ƙarƙashin layin a ɗaga. A sabon kamu yakan fito ɗungurungum. In yana tsinkewa yana narkewa, naman kuma ya yi laushi, alama ce ta an jima da kama shi. Wani lokaci a kan hanjin akan tarar da abu mai kauri, ruwan lemo ko kore. Wannan ƙwan mace ne, ana ci. Siririn layin da ke gefen ciki, tsakanin ƙafafu, jijiyar saƙo ce, barin ta ake yi.

Haɗarin gaske yana ga ɗanye ko wanda bai dahu ba, kuma cire hanji ba ya kawar da shi, domin ƙwayoyin suna kan ɓawo da kai su ma. Fitacciyarsu ita ce Vibrio parahaemolyticus, mai rayuwa a ruwan gishiri mai ɗumi, wadda aka gano a Japan bayan ɓarkewar gubar abinci a Osaka a 1950. Tana kawo zawo da murɗar ciki da amai, galibi cikin awa 24, ta lafa bayan kwana uku ko makamancin haka. 'Yar'uwarta Vibrio vulnificus ta fi tsanani, musamman ga masu ciwon hanta. Aikin fiɗar ma kan yaɗa su, idan aka yanka latas ko tumatir da wuƙa da katakon da aka yi fiɗar da su ba tare da an wanke su da sabulu ba.

Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande, mai yin borin jini ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, cire hanji ba zai cece shi ba. Abin da ke tayar masa furotin ne mai suna turofomayosin, a cikin tsokar yake, dahuwa kuma ba ta lalata shi. Baƙaƙen ɗigon da ke fitowa a kai da ɓawo bayan kamu kuwa wani abu ne daban, haɗuwar sinadarin jikinsa ce da iska, ba cuta ba. Wanda ake zubarwa shi ne mai yauƙi da wari mai hawa hanci irin na tsohon fitsari.