Alamar and/or: daga takardun jiragen ruwa zuwa gefen shafi

A shekarar 1855 wata kotu a Ingila ta saurari ƙarar da ake kira Cuthbert da Cumming, kan yarjejeniyar hayar jirgin ruwa. Takardar ta ce a cika jirgin da sukari, da ruwan rake mai kauri, and/or wasu kayan da doka ta halatta. Tana cikin shari'o'i na farko da aka san alamar ta bayyana a gaban alƙali. 'Yan kasuwar teku suna da dalilin sonta, domin mai hayar jirgi ba ya sanin kayan da zai tarar a tasha, don haka yana so a bar masa ƙofa a buɗe.

Daga tasoshin jiragen ruwa alamar ta bazu zuwa takardun inshora, da wasiyya, da takardun shigar da ƙara, inda ake bukatar tabbas fiye da sassauci. Nan alƙalai suka fara kokawa. A 1935 Mai shari'a Fowler na Kotun Ƙolin jihar Wisconsin a Amurka ya kwatanta ta da dodo mai fuska biyu. A 1944 Viscount Simon, a Majalisar Dattawan Birtaniya, ya kira ta shegiyar kalma. Tsakanin waɗannan, a 1942, wata kotun Ingila ta yi fama da wasiyyar da ta bar dukiya ga wata mata and/or mijinta. Alƙali ya yanke cewa su mallake ta tare, kuma da ɗayansu ya riga mai wasiyyar rasuwa, da wanda ya rage ya ɗauke duka. Hukuncin ya yi ma'ana, amma sai da aka je kotu kafin a san abin da jimla ɗaya za ta iya fayyacewa.

Matsalar ta lissafi ce. Idan abubuwa biyu ne, alamar tana ɗauke da hali uku: na farko kaɗai, na biyu kaɗai, ko duka biyun. Idan uku ne, halayen na iya kaiwa bakwai, kuma da wuya a ce marubucin ya auna kowannensu. Sannan alamar ba ta faɗin wanda ke da ikon zaɓi. Shi ya sa masana rubutun doka ke ba da shawarar a rubuta "A or B or both", wato wannan, ko wancan, ko duka biyun, idan har hakan ake nufi.

To me mai duba rubutu zai yi idan ya ci karo da ita? A ɗauka tsarin mulkin wata ƙungiya ya ce duk cekin da ya haura naira miliyan 5 sai da sa hannun shugaba and/or ma'aji. Idan mai dubawa ya goge "or", ya wajabta hannu biyu, kuma biyan kuɗi zai tsaya duk ranar da ma'aji ya yi tafiya. Idan ya goge "and", ya ba mutum ɗaya ikon fitar da miliyoyi. A zahirin lafazi, alamar ta riga ta halatta hannu ɗaya. Amma sanya iyakar miliyan 5 yana nuna wataƙila hannu biyu aka nufa. Wannan saɓani tsakanin lafazi da manufa shi ne abin da ya kamata ya tsayar da alƙalaminsa.

Saboda haka ba ya taɓa jimlar. Yana ja mata layi, ya rubuta a gefen shafi: "Sashe na 12, layi na 3. Yadda aka rubuta, sa hannun mutum ɗaya ya isa. Shin haka ake nufi, ko dole ne su biyun su sa hannu? Idan ɗaya ya isa, a rubuta shugaba ko ma'aji. Idan dole ne biyu, a rubuta shugaba da ma'aji tare." Ya kuma lissafa sauran wuraren da alamar ta fito, domin amsar sashe ɗaya ba lallai ta dace da wani ba.

Tambayar ta nuna wurin, ta faɗi sakamakon kowane karatu, ta kawo lafazin da za a iya ɗauka nan take. Kuskuren harafi mai dubawa na iya gyarawa da kansa, domin amsarsa tana cikin ƙamus. Yawan hannun da zai fitar da kuɗin ƙungiya kuwa yana wurin lauyan da ya tsara takardar da mutanen da suka ba shi aikin, kuma su ne za su tsaya a gaban alƙali idan rigima ta tashi.