Daga "A Sayi Ƙwai" Zuwa "Bai Wuce Kwana Uku Ba"

Mai tallar ƙwan zabi a tashar mota ba ta taɓa buƙatar doguwar magana ba. Tana ɗauke da tire, dafaffen ƙwai a jere, ƙullin yaji a gefe, ta ce "A sayi ƙwai!" shi ke nan. Idan ɗanye ne a kasuwar ƙauye, mai saye shi ke bincike da kansa: ya dunƙule hannu ya sa ƙwan a ciki ya ɗaga wa rana, ko ya girgiza shi a kunne ya ji ko yana motsi, ko ya nemi ƙwarya da ruwa ya tsoma. Wanda ya nutse ya kwanta, mai kyau ne. Wanda ya taso, a mayar wa mai shi. Ciniki ne na ido da ido, don haka babu wanda ya ga dalilin yi wa ƙwai kirari.

Abin tsoro a zamanin da ɗaya ne, bara-gurbi. Kazar Hausa tana yawo da zakara, tana saka ƙwai goma zuwa goma sha biyar ta kwanta a kansu, a shekara da wuya ta wuce hamsin ko sittin. Ƙwan da ya fito kasuwa sau da yawa an ɗauko shi ne daga gurbi, wataƙila kaza ta riga ta kwana biyu a kai. Kuma ƙwai ba abincin kullum ba ne. An fi so a bar shi ya zama ɗan tsako, a gidaje da yawa ma ana hana yara ci, wai kada su koyi sata. Ƙwan zabi, wanda ke cika kasuwa da damina, shi ne aka fi sani da ci.

Kajin gidan gona su suka canja lissafin. Tun zamanin Turawa ake shigo da irinsu, amma sai a shekarun 1970 kiwon ya bazu, musamman bayan shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, wanda ya sa ma'aikata da makarantu kafa akurki a bayan gida. A Shika, kusa da Zariya, cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru tana aikin fitar da kazar ƙwai mai jure yanayinmu, har aka samu ShikaBrown. Irin waɗannan kaji suna fara yin ƙwai da sati goma sha takwas zuwa ashirin, kuma kaza ɗaya tana iya kusantar ɗari uku a shekara. Babu zakara a ɗakinsu, saboda haka babu ɗan tsako a cikin ƙwan. Tsohon tsoro ya kau, ƙwai ya koma abin da ake ƙirgawa da kiret mai cin talatin, mai shayi kuma ya zama babban mai saye.

Sai dai wani sabon shakku ya maye gurbin na da. Mutane suka ce ƙwan da ba zakara ai ba ƙwai ba ne, na Turawa ne, ba shi da ƙarfi, gwaiduwarsa fara. Maganar gwaiduwa tana da tushe, amma ba inda ake zato ba: launinta daga abinci yake zuwa. Kazar da ke cin jar masara da ganye tana ba da gwaiduwa mai ja, wadda aka ciyar da farar masara ko dawa kuwa tata takan koɗe. Wannan bai shafi sabunta ba, kamar yadda launin ɓawo bai nuna komai ba face irin kazar. Duk da haka allunan gonaki na wancan lokaci ba su tsaya yin wannan bayani ba. Sunan mai gona ne, da hoton kaza, da "ana sayar da ƙwai sari da ɗai-ɗai". In an so ƙawa, a ƙara karin maganar da kowane ɗan kasuwa ke ara: sayen nagari, mayar da kuɗi gida. Magana ce mai daɗi, amma mai katifa ma da ita yake talla, haka mai taya.

A ganina shekarar da ta tilasta wa masu kaji buɗe baki ita ce 2006. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye, nau'in H5N1, a wata gona a Jaji cikin Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka. Kafin wata ya ƙare ta bayyana a Kano da Filato, ta kuma tsallaka Magariya a Jamhuriyar Nijar. Aka kashe kaji aka binne, iyalai suka ƙaurace wa nama da ƙwai, kiret ya taru a gonaki babu mai tayawa. Wanda kajinsa ke lafiya ƙalau ya rasa hanyar da zai nuna haka, domin ƙwai a teburin mai kanti ba shi da suna, ba shi da gari. Cutar ta sake dawowa a farkon 2015, Kano na cikin inda ta fara. Tun daga nan kalmomi irin su "tsafta", "lafiya" da "ingantacce" suka mamaye alluna da tallan rediyo.

Ingila ta bi ta irin wannan hanya kafin mu. A 1988 wata ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta ce yawancin ƙwan ƙasar na ɗauke da ƙwayar salmonela, kasuwa ta faɗi warwas. A 1998 masu kiwo suka dawo da tambarin zaki a jikin ɓawo, wanda ke nufin an yi wa kajin rigakafi, tare da kwanan watan da ya kamata a cinye ƙwan kafinsa. Abin lura shi ne ba da zaƙin baki suka dawo da masu saye ba. Alkawari suka buga a jikin ƙwan, wanda za a iya kama su da shi.

Nan ne "ingantacce" ya gaza. Kowa yana faɗa, babu wanda za a iya ƙaryatawa. Uwargidan da ke Kano ko Kaduna yau ba bara-gurbi ke damunta ba, kuma mura takan zo ta wuce. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne ta fasa ƙwai a kasko ta ga farin ya malale kamar ruwa, gwaiduwa ta fashe tun ba a taɓa ta ba. Wannan tsufa ne. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa da iska ke fita, ramin iskar da ke can gefe mai faɗi yana ƙara girma, farin yana tsinkewa. Zafi yana hanzarta wannan ƙwarai. A watan Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri arba'in a Kano, ƙwan da ya bi ta hannun dillali, ya kwana a shagon mai sari, ya zauna a kanti ƙarƙashin kwano, yana iya tsufa cikin sati guda fiye da yadda zai yi a wata guda cikin firji. Babbar gona ba ta iya kauce wa wannan doguwar hanya. Ƙaramar gona da ke bayan gari tana iyawa, kuma wannan ne kaɗai abin da ta fi babbar da shi. Da waya ta shiga hannun kowa, mai kaji ya samu damar karɓar oda kai tsaye daga gidaje, sai buƙatar take mai faɗin wannan fifiko a jimla ɗaya ta taso.

A ɗauki misalin gona mai kaji ɗari biyar a gefen birni. Idan tamanin cikin ɗari na yin ƙwai, ƙwai ɗari huɗu ke nan a rana, wato kiret goma sha uku da ɗoriyar ƙwai goma. Abin da zai fara zuwa bakin mai gonar shi ne "Ƙwan yau, a gidanku yau". Yana da daɗin faɗa, amma sai an duba ko zai iya. Kaji sun fi yin ƙwai daga safe zuwa azahar, kuma kiret goma sha uku ba su isa a ɗauki hayar a-daidaita-sahu kullum a zaga unguwanni ba. In ya ce zai riƙa kaiwa Talata da Juma'a, ƙwan da aka tsince ranar Juma'a bayan tafiyar mota zai kwana huɗu kafin Talata. "Ƙwan yau" ya zama ƙarya tun satin farko.

In ya koma Litinin, Laraba da Juma'a, lissafi ya sauya. Mafi daɗewa shi ne na Juma'a da rana, wanda zai kwana Juma'a, Asabar da Lahadi, ya fita Litinin da safe cikin kiret arba'in da suka taru. Kwana uku cif. Yanzu yana da abin faɗa: "Daga akurki zuwa gidanku, bai wuce kwana uku ba." Bai kai na farko zaƙi ba, amma yana da lamba a ciki, kuma ana iya gwada shi. A rubuta ranar da aka saka ƙwan da alƙalami a gefen kiret. Uwargida ta tsoma ɗaya a kofin ruwa, ya nutse ya kwanta a gicciye. Ta fasa a faranti, ta ga gwaiduwa a tsaye, farin mai kauri ya kewaye ta. Gwajin nan na kakanni ne ya dawo, sai dai yanzu mai sayarwa ne ke cewa a yi. Ko "gidanku" da aka zaɓa ba a banza ba ne: maigida ke ba da kuɗin cefane, uwargida ke fasa ƙwan, "gidanka" ko "gidanki" zai bar ɗayansu a waje.

Akwai kalmomin da suka shigo daga baya waɗanda ni dai nake jin tsoronsu. "Babu magani" na ɗaya. Duk mai kiwo ya san akwai ranar da zai ba kaji maganin ƙwayoyin cuta, kuma ragowarsa tana fita a ƙwai na wasu kwanaki, shi ya sa ake rubuta lokacin jira a jikin kwalba ko leda. Wanda ya yi wannan alkawari dole ya yarda ya janye ƙwan waɗancan kwanaki daga kasuwa, asara ce ta gaske. "Wankakke" na biyu. Ƙwai yana fitowa da wani siririn rufi da ke toshe ƙofofin ɓawo, wanki yana cire shi, ruwan sanyi kuma yana iya jan ƙazanta ciki. Wankakken ƙwai da ba a sa a firji ba ya fi saurin lalacewa. Tsaftar da ta dace a nema ta gurbi ce: busasshiyar shimfiɗa, da tsince ƙwai sau biyu ko uku a rana.

Inda taken kwana uku ya fi karyewa kuwa shi ne lokacin zafi, ko idan kaji sun fara tsufa. Yawan ƙwai ya sauka daga ɗari huɗu zuwa ɗari uku, oda kuma ba ta ragu ba. Mai gona yana jin nauyin ya ce wa Hajiya babu, sai ya leƙa wurin mai sari ya ciko kiret uku ya haɗa da nasa. Ba wuya a gane. Kajin da suke sa'o'in juna ƙwansu kusan girma ɗaya ne, launi ɗaya, to sai ga kiret ya zo da manya da ƙanana, wasu ɓawonsu ya dusashe. A kofin ruwa, na gonar ya kwanta, baƙon ya ɗaga kai ya tsaya da tsininsa a ƙasa. Mai gonar da ya san abin da ya rubuta a allonsa yakan kira tun daren Lahadi ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, zafi ya taɓa kajin. Gobe kiret ɗaya za a kawo maimakon biyu, ragowar sai Laraba in Allah ya kai mu."