Jarrabawar IELTS: Bambancin amsawa da kwamfuta da rubutawa da hannu, da yadda ake shirya wa kowanne

Duk matashin da ke neman gurbin ƙarin karatu ko aiki a Birtaniya, Kanada ko Ostireliya, da wuya ya tsallake jarrabawar IELTS, wadda ke auna ƙwarewa a harshen Ingilishi. Hukumomi uku ne suka mallake ta: British Council da IDP da sashen jarrabawa na Jami'ar Cambridge. Shekara da shekaru a kan takarda ake rubuta ta, har zuwa 2017 da aka fara gudanar da ita a kwamfuta, kuma tun daga nan cibiyoyi ke ta karkata zuwa kwamfutar. Saboda haka kafin ɗalibi ya fara shiri, ya fara tabbatar da hanyar da cibiyarsa ke bayarwa a ranar da yake so.

Jarrabawar dai ɗaya ce: irin tambayoyin ɗaya, wahalarsu ɗaya, ma'aunin maki daga 0 zuwa 9 ɗaya, kuma mutane ne ke duba sashen rubutu a hanyoyin biyu. Sashen magana, mai tsawon minti 11 zuwa 14, hira ce da mai jarrabawa, babu ruwansa da alƙalami ko madannai. Abin da ya bambanta shi ne inda lokaci ke tafiya, da irin kuskuren da kowace hanya ke haifarwa.

Sauraro: minti goma ko minti biyu

Sashen sauraro yana ɗaukar kimanin minti 30, tambayoyinsa 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. A kan takarda, ɗalibi yana rubuta amsoshinsa a littafin tambayoyi yayin da yake saurare, daga ƙarshe a ba shi minti 10 ya kwafe su zuwa takardar amsa. Wannan minti goma dama ce ta gyara: wanda ya gutsure kalma cikin sauri zai cike ta, wanda ya manta harafin jam'i zai iya tunawa.

A kwamfuta babu kwafewa. Ana buga amsa kai tsaye a gurbinta yayin da murya ke ci gaba, sannan a ba da minti 2 kacal na dubawa. Kunne yana bin magana, ido yana bin tambaya, yatsu suna neman haruffa, duk a lokaci guda. Wanda sai ya sunkuya ya nemi harafi a kan madannai, kafin ya ɗago an wuce amsar tambaya ta gaba.

Kuskuren harafi ɗaya yana kashe amsa gaba ɗaya. Amsa 30 daidai cikin 40 takan ba da maki 7 a wannan sashe. Ɗalibin da ya ji amsa 30 sarai, amma yatsansa ya zame a guda biyu, ya koma 28, yana iya faɗawa 6.5. Idan makarantar da yake nema ta shardanta 7 a kowane sashe, haruffa biyu sun jawo masa sake biyan kuɗi.

Karatu: inda takarda ke da tarko

A sashen karatu lamarin ya juya. Minti 60 ne, tambayoyi 40, kuma babu ƙarin lokacin kwafe amsa ko da a kan takarda. Ɗalibai da dama kan ɗauka za a ba su minti goma kamar yadda aka yi a sauraro, sai a karɓi takarda alhali amsoshinsu na kwance a littafin tambayoyi, inda ba a dubawa. Maganinsa shi ne a kwafe amsoshin kowane nassi da zarar an gama shi.

A kwamfuta allon ya rabu biyu, nassi a hagu, tambayoyi a dama, don haka babu juya shafi. Ana iya haskaka jimla da linzami, a kuma kwafo kalma daga nassi da `Ctrl+C` a manna ta a gurbin amsa da `Ctrl+V`, abin da ke kawar da kuskuren harafi. Tsadarsa kuwa gajiyar ido ce, musamman ga wanda bai saba karanta dogon rubutu a allo ba.

Rubutu: inda bambancin ya fi girma

Sashen rubutu minti 60 ne, da aiki biyu. Na farko aƙalla kalma 150, na biyu muƙala mai aƙalla kalma 250, kuma makin na biyu ya ninka na farko nauyi. Shi ya sa ake ba da shawarar minti 20 ga na farko, 40 ga na biyu.

Kwamfuta tana ba da abu uku da takarda ba ta da su. Tana ƙirga kalmomi yayin da ake bugawa. Tana ba da damar ɗauke jimla ko sakin layi daga wuri zuwa wuri ba tare da gogewa ba. Kuma munin rubutun hannu ba ya cutar da kowa. Abin da ba ta bayarwa shi ne gyaran kalma: babu jan layi a ƙarƙashin kuskure, babu mai ƙarasa kalma, babu mai mayar da harafin farkon jimla babba. Wanda ya saba da waya, wadda ke yi masa duk wannan a ɓoye, a nan yake ganin ainihin rubutunsa.

Kurakuran ma sun bambanta. Mai rubutu da hannu yakan kuskure kalmar da bai iya ba. Mai bugawa yakan kuskure har wadda ya iya, domin yatsu na musanya haruffa: `form` a maimakon `from`, `teh` a maimakon `the`. Mai duba jarrabawa ba shi da hanyar bambance zamewar yatsa da rashin sani, kuma daidaiton rubuta kalma yana cikin abin da ake aunawa.

Takarda kuma tana tilasta tsari. Da yake gyara yana da wuya, mai alƙalami yakan tsara hujjojinsa kafin ya fara. Mai kwamfuta yakan afka wa rubutu da tunanin zai gyara daga baya, sai ya ɓata minti goma yana sassaƙa gabatarwa, muƙalar ta ƙare babu kammalawa. Sauƙin gyaran shi ne tarkon.

Lissafin da zai nuna wa ɗalibi matsayinsa

Mu ɗauki ɗaliba da ta kammala digiri, ta saba rubuta dogayen amsoshi da hannu tun daga jarrabawar WAEC, ta kuma yi JAMB a kwamfuta. Tana ganin ta san jarrabawar kwamfuta. Amma JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, zaɓin amsa ce tsakanin A da B da C da D. Ba ta taɓa neman ɗalibi ya buga jimla ko ɗaya ba.

A ce ta gwada kanta: ta kwafi sakin layi na Ingilishi na minti biyar da hannu, ta sami kalma 100, wato 20 a minti. Ta maimaita a kwamfuta, ta sami 60, wato 12 a minti. Don kauce wa gaza adadi, za ta rubuta kimanin kalma 170 a aikin farko da 280 a na biyu, jimilla 450. Da hannu, zuba waɗannan kalmomi zai ci kusan minti 23, ya rage mata 37 na karanta tambaya da tunani da dubawa. A kwamfuta zai ci kusan minti 38, ya rage 22 kawai ga ayyukan biyu. Ingilishinta bai canja ba, amma minti 15 na tunani sun salwanta a yatsunta. Idan ta kai saurinta kalma 25 a minti, bugun zai koma minti 18, ta sami 42, kwamfutar ta zama riba gare ta.

A lura cewa wannan gwaji na kwafe ne, kuma ƙirƙirar jimla ya fi kwafe jinkiri. Duk da haka ya isa ya nuna wa ɗalibi ko yatsunsa ne za su riƙe shi. Wanda bugunsa bai kai saurin alƙalaminsa ba, yana da aiki a gabansa kafin ya tsayar da rana.

Shirin kwamfuta

A koyi bugu a kan cikakken madannai na kwamfutar tebur, ba a waya ba, domin irinsa ne za a tarar a cibiya. Haruffan F da J suna da ɗan tudu da ake ji da yatsa. Nan ne mazaunin manuniya biyu, daga nan sauran yatsu ke miƙawa ba tare da an kalli ƙasa ba. Minti 20 kullum ya fi awa uku rana ɗaya a mako, kuma a fifita daidaito a kan sauri, don gogewa da sake bugawa su ke cinye lokaci.

A rubuta muƙalolin gwaji a manhajar da ba ta gyara kalma, ko a kashe gyaran a wadda ake amfani da ita. Bayan an gama a kunna shi, a tattara kalmomin da aka kuskure. Cikin muƙala biyar ko shida ɗalibi zai ga cewa kurakuransa ƙalilan ne ke maimaituwa, kuma su zai fara farauta a minti ukun ƙarshe na jarrabawa. Kafin a taɓa madannai, a ware minti biyar a tsara muƙala a takardar da cibiya ke bayarwa. Sannan a yi gwajin kyauta da masu jarrabawar suka tanada a shafukansu, har a saba da maɓallin `Tab` mai tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi, da agogon da ke saman allo.

Shirin takarda

Mai rubutu da hannu ya yi atisaye a kan samfurin takardar amsa, ya san yawan kalmomin da yake sakawa a layi ɗaya. Idan goma ne, layi 28 sun ishe shi muƙala, ba sai ya tsaya ƙirga ba. Ya rubuta awa guda cur ba hutu, domin hannun da ya daɗe bai riƙe alƙalami ba yakan gaji kafin ƙarshe, rubutu ya lalace daidai inda kammalawa take. Ya ba wani ya karanta. Duk kalmar da mai karatu ya tsaya a kanta, mai duba jarrabawa ma zai tsaya.

Sakamako da damar gyara

Sakamakon takarda yakan ɗauki kwana 13, na kwamfuta kuwa ba ya wuce kwana biyar. Akwai kuma tsarin One Skill Retake, wanda ke ba wanda ya yi jarrabawar a kwamfuta damar sake sashe ɗaya kaɗai cikin kwana 60, maimakon duka huɗun. Ba kowace makaranta ko hukuma ce ke karɓar wannan sakamako ba, don haka a tambayi inda za a miƙa shi tun kafin a biya. Ga mai wa'adin neman gurbi a gabansa, wannan tazara tana da nauyi, amma saurin fitowar sakamako ba ya ƙara maki. Gwajin minti biyar ɗin nan, da hannu sannan da madannai, shi ya kamata ya riga biyan kuɗin rajista.