Matsakaicin hamonik a lissafin gudu

Matsakaicin hamonik hanya ce ta fitar da matsakaici tsakanin lambobi, kuma ita ce ke ba da amsa daidai idan ana neman matsakaicin gudun tafiyar da aka raba gida biyu masu nisa ɗaya, aka yi kowane kashi da gudu daban. Misalin da aka fi sani shi ne zuwa da dawowa a hanya guda. Idan gudun zuwa shi ne a, na dawowa kuma b, matsakaicin gudun tafiyar baki ɗaya shi ne 2ab ÷ (a + b). Muddin a da b sun bambanta, wannan amsa tana ƙasa da wadda ake samu in an haɗa lambobin biyu an raba da biyu.

Dalili

Ma'anar matsakaicin gudu guda ɗaya ce: jimlar nisan da aka yi, a raba da jimlar lokacin da aka ɗauka. Idan nisan kashi biyu ɗaya ne, lokacinsu ba ɗaya ba ne, domin kashin da aka yi a hankali ya fi cin lokaci. Saboda haka ƙaramin gudun ne ya fi nauyi a lissafi. Wanda ya haɗa gudu biyu ya raba da biyu ya ɗauka ke nan an ba kowanne lokaci daidai da ɗan'uwansa, alhali nisa ne daidai.

A ce nisan kowane kashi d ne. Lokacin zuwa shi ne d/a, na dawowa d/b, jimlar nisa kuwa 2d. Sai lissafin ya zama:

2d ÷ (d/a + d/b) = 2 ÷ (1/a + 1/b) = 2ab ÷ (a + b)

Harafin d ya ɓace daga amsar, domin yana sama yana ƙasa. Wato ko tafiyar ta kilomita 5 ce ko ta 500, matsakaicin bai canja ba, in dai kashi biyun nisansu ɗaya.

Misali

A yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan da ke arewacin Jihar Kaduna, inda ake noman rake sosai, mota kan tafi kasuwa da kaya ta dawo babu komai, don haka gudun zuwa da na dawowa ba sa zama ɗaya. A ɗauka wata mota ta ɗauko rake daga gona a wajen Furana zuwa kasuwar Maƙarfi, kuma don sauƙin lissafi a ce nisan kilomita 30 ne. Da nauyin kaya tana yin kilomita 30 a awa, da ta sauke kuma ta dawo da gudun kilomita 60 a awa.

Zuwa ya ci awa 1, wato 30 ÷ 30. Dawowa ta ci rabin awa, wato 30 ÷ 60. Motar ta yi kilomita 60 cikin awa ɗaya da rabi, kuma 60 ÷ 1.5 ya ba da kilomita 40 a awa. Ƙa'idar ma haka ta nuna: 2 × 30 × 60 = 3600, a raba da 90, a samu 40.

Wanda ya haɗa 30 da 60 ya raba da biyu zai samu 45. Da wannan lamba zai yi zaton sawu ɗaya minti 80 yake ci, alhali minti 90 ne. Bambancin minti 10 kamar ba wani abu ba ne, amma mai motar da ya tsara sawu huɗu a yini zai tarar da minti 40 sun ƙaru a kan abin da ya lissafa, kuma sawun ƙarshe na iya isa bayan masu saye sun watse.

Ana iya sanin girman kuskuren tun kafin a yi shi. Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ita ce (a − b)² ÷ (2(a + b)). A misalin da ya gabata, 900 ÷ 180 ya ba da 5. Idan gudun biyu sun yi kusa, kamar 55 da 60, tazarar ba ta kai ko rabin kilomita a awa ba, kuma ba a yi asarar komai in an yi amfani da matsakaicin da aka saba. Amma idan damina ta ɓata hanya har gudun zuwa ya sauka zuwa 20, na dawowa yana nan a 60, amsar gaskiya 30 ce, ta kuskure kuwa 40.

Iyakar abin da gudu ke iya ramawa

Direban da ya je da gudun 30 yana son matsakaicin tafiyarsa ya kai 45, ba gudun 60 zai yi a dawowa ba. Sai ya yi 90, domin 2 × 30 × 90 ÷ 120 shi ne 45. Idan ya ƙara zuwa 120, matsakaicin 48 kawai zai kai. Matsakaicin 60 kuwa ba zai samu ba ko da wane irin gudu, saboda kilomita 60 a kan matsakaicin 60 na nufin tafiyar duka ta ƙare cikin awa 1, kuma awar nan zuwa kaɗai ya cinye ta. A taƙaice matsakaicin hamonik na gudu biyu ba ya taɓa kaiwa ninkin ƙaramin cikinsu. Wannan hanya ce mai sauƙi ta duba amsa: dole ta faɗa tsakanin gudun biyu, ta fi kusa da ƙaramin, kuma ta gaza ninkinsa.

Inda ƙa'idar ba ta aiki

Idan lokaci ne daidai, matsakaicin da aka saba shi ne amsa. Motar da ta yi awa 1 tana gudun 30, ta sake yin awa 1 tana gudun 60, ta yi kilomita 90 cikin awa 2, wato 45. Ɗaliban sakandare sukan faɗa kuskure a nan, domin lambobin tambayar iri ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne ko an ce rabin hanya ko rabin lokaci.

Idan kuma nisan kashi biyun ya bambanta, sai a koma ga lissafin lokaci. Kilomita 10 na hanyar burji da gudun 20 suna cin minti 30, kilomita 20 na kwalta da gudun 60 suna cin minti 20. Kilomita 30 ke nan cikin minti 50, wato 36 a awa, alhali 2ab ÷ (a + b) zai ba da 30.

Haka nan ƙa'idar ba ta lissafa tsayuwa. In saukar da rake ta ɗauki rabin awa kuma aka sa ta cikin lissafi, kilomita 60 cikin awa 2 ne, matsakaicin ya koma 30. Ga tafiya mai kashi uku masu nisa ɗaya, ƙa'idar takan zama 3 ÷ (1/a + 1/b + 1/c). Manhajojin lissafi irin su Excel suna da umarnin `HARMEAN` da ke yin wannan aiki.

Asalin sunan

Masana lissafi na tsohuwar Girka sun san wannan matsakaici, kuma ana danganta sunansa ga Archytas na birnin Tarentum, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sunan ya samo asali ne daga nazarin kiɗa, inda suke kwatanta tsawon tsirkiya da sautin da take bayarwa. Misalin da suka fi kawowa shi ne 6, 8 da 12: lamba 8 ita ce matsakaicin hamonik na 6 da 12, domin 2 × 6 × 12 ÷ 18 ya ba da 8.