Sojan gona a WhatsApp da Facebook: yadda ake damfara da sunan mutum, da yadda zargi ke faɗawa kan marar laifi

Sojan gona a shafukan sada zumunta shi ne wani ya ɗauki suna da hoton mutum, ya buɗe sabon shafi da su, sannan ya riƙa neman kuɗi daga 'yan'uwa da abokan hulɗarsa. Ya sha bamban da ƙwace shafi, inda ɗan damfara kan yaudari mutum ya ba shi lambobi 6 da WhatsApp ke turowa, ya karɓe asusun baki ɗaya. A sojan gona, shafin asali yana nan lafiya a hannun mai shi, don haka sauya kalmar sirri ba ya maganin komai.

A ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, inda cinikin hatsi ya dogara da amana da saƙon waya, dabarar takan samu wurin zama. A ɗauki misalin wani dillalin masara a Tudun Wada. Ɗan damfara ya kwafi hotonsa daga zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, ya kuma kwashi lambobin mutanen zauren. Sai ya tura wa wani mai saye a Kwanar Ɗangora saƙo da sabon layi cewa wayarsa ta faɗi, kuma motar kaya ta lalace a hanyar dajin Falgore, a taimaka da naira 80,000 kafin dare. Idan aka kira ba ya ɗauka, sai ya rubuto cewa babu sabis.

Alamu uku ne ke tona asirinsa: baƙuwar lamba, ƙin yin magana da murya, da asusun banki mai sunan wani daban. Kiran tsohuwar lambar kafin a tura kuɗi yakan warware komai cikin minti ɗaya.

Abin da wanda aka yi wa sojan gona zai yi

Kafin a kai ƙorafi, ya kamata a ɗauki hoton shafin bogin, da saƙonnin, da lambar asusun da aka bayar, domin da zarar an rufe shafin hujja ta tafi. A Facebook, adireshin shafin ne ke bambanta shi da na asali, ba suna ko hoto ba. Daga nan sai a yi amfani da `Report profile` a nuna cewa shafin yana kwaikwayon wani ne. Wanda ya riga ya tura kuɗi kuwa, ya sanar da bankinsa nan take, ya ba da `Session ID` da ke jikin rasit, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda. Kuɗin da aka riga aka cire da wuya su dawo.

Sashe na 22 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko duka biyun, ga mai sojan gona don damfara.

Idan zargi ya faɗa kan marar laifi

Ɗan damfara ba kasafai yake amfani da asusunsa ba. A misalin nan, yana iya ba da lambar asusun wani mai POS a Bebeji, ya je ya ce ɗan'uwansa ne ya turo masa kuɗi, ya karɓa a hannu ya tafi. Sunan mai POS ne zai fito a rasit, kuma shi za a fara nema. Sunan da ke rasit yana nuna inda kuɗi suka sauka ne kawai, bai nuna wanda ya rubuta saƙon ba. Kariyar mai POS ita ce littafin da yake rubuta sunan mai karɓa, lambar wayarsa da lokacin da ya zo, tare da bayanan asusu da ke nuna shigar kuɗin.

Shi ma dillalin ana iya zarginsa da cin kuɗin, ko kuma abokansa su kai ƙorafin shafinsa na gaskiya bisa kuskure har a dakatar da shi. Haka nan sunaye sukan zo ɗaya, musamman inda mutane ke liƙa sunan garinsu a bayan nasu. Suna iri ɗaya ba laifi ba ne, laifin yana cikin niyyar yaudara. Wanda aka dakatar ya ɗaukaka ƙara daga cikin shafin, ya ba da katin shaida idan an nema, kada ya yi gaggawar buɗe sabon shafi, domin hakan ƙara rikita mutane yake yi.

Yaɗa hoton wanda ake zargi a zauruka kafin bincike yana iya zama ɓata suna, wanda shi ma laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa.