Wa'adin Ɓoye Saƙo a Layin Aiki: Abin da Yake Lamuncewa da Abin da Ya Bar wa Mai Rubuta Manhaja

Gabatarwa

Manyan manhajojin intanet ba sa yin kowane aiki nan take. Suna rubuta aikin a matsayin saƙo, su ajiye shi a layi, sannan wasu ƙananan manhajoji da ake kira ma'aikata su riƙa ɗauka suna aiwatarwa. Tambayar da ke addabar wannan tsari ita ce: idan ma'aikaci ya ɗauki saƙo, sai kwamfutarsa ta mutu kafin ya gama, ina makomar aikin? Idan layin ya goge saƙon tun lokacin da ya miƙa shi, aikin ya salwanta. Idan kuma ya bar shi a fili, kowane ma'aikaci zai ɗauka ya maimaita. Mafitar da aka fi amfani da ita ita ce a ɓoye saƙon na ɗan lokaci, in ba a ji labarin kammalawa ba a sake fito da shi ga wasu. Wannan maƙala ta ɗauki Amazon SQS, wanda aka buɗe wa jama'a a 2006, domin nuna cewa wa'adin ɓoyewa yana hana aiki ɓacewa ne kawai, ba ya hana a yi shi sau biyu, kuma babu wani adadin sakan da zai sauya haka.

Yadda tsarin yake tafiya

Ma'aikaci yana kiran `ReceiveMessage`, layin ya ba shi saƙo tare da wata shaidar karɓa mai suna `ReceiptHandle`. Daga nan agogo ya fara bugawa. Saƙon yana nan a layin, sai dai sauran ma'aikata ba sa ganinsa har tsawon `VisibilityTimeout`, wanda a SQS yake sakan 30 idan ba a sauya shi ba, kuma ana iya saita shi daga sifili zuwa awa 12. Idan ma'aikacin ya gama, sai ya kira `DeleteMessage` da shaidarsa, saƙon ya fita daga layin. Idan wa'adin ya cika bai goge ba, saƙon ya sake bayyana, wani ya ɗauka da sabuwar shaida.

Dabarar ta girmi SQS. A 1989 Cary Gray da David Cheriton na Jami'ar Stanford sun bayyana kulle mai wa'adi, wato izinin riƙe abu wanda ke ƙarewa da kansa ko da mai riƙe da shi bai dawo da shi ba. Amfaninsa a bayyane yake: ba a buƙatar wanda ya mutu ya sanar da mutuwarsa. Rauninsa ma daga nan ya fito. Layin ba ya ganin cikin ma'aikaci, shirunsa kawai yake gani. Ma'aikacin da ya mutu, da wanda yake jiran amsar wata kwamfuta mai nawa, da wanda ya gama aiki amma kiransa na gogewa ya ɓace a hanya, duk kamanninsu ɗaya ne a wurin layin. Idan wa'adi ya cika, layin yana yanke hukunci ne a kan zato. Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne cikar wa'adin ba ta dakatar da ma'aikacin farko, ba a ma sanar da shi. Yana ci gaba da aikinsa yana ganin saƙon nasa ne.

Misali dalla-dalla

A ƙaddara wani shagon intanet yana sayar da kuɗin kiran waya. Kowane ciniki saƙo ɗaya ne, kuma tura kuɗin yana cin sakan 8 saboda jiran amsar kamfanin sadarwa. Mai rubuta manhajar ya ga 8 bai kai 30 ba, sai ya bar wa'adin yadda ya same shi. Daga baya, don rage yawan kiran layin, ya sa ma'aikaci ya riƙa karɓar saƙo 10 a lokaci guda, wanda shi ne iyakar da SQS ya yarda da ita, yana yin su ɗaya bayan ɗaya.

Agogon duka goman ya fara ne tare, a lokacin karɓa. Ma'aikaci na farko ya gama saƙo na 1 a sakan na 8, na 2 a na 16, na 3 a na 24, ya goge su. A sakan na 30 yana tsakiyar na 4, sai sauran bakwai suka bayyana. Ma'aikaci na biyu ya kwashe su ya fara daga na 4, alhali na farkon zai tura kuɗin wannan cinikin a sakan na 32. Na farkon zai yi ƙoƙarin gogewa, amma shaidarsa ta tsufa, kuma bayanan SQS sun faɗi cewa gogewa da tsohuwar shaida tana iya dawo da amsar nasara ba tare da saƙon ya fita ba. Shi ma na biyun saƙo uku zai gama kafin nasa wa'adin ya cika a sakan na 60, sai huɗu su koma ga ma'aikaci na uku, sannan ɗaya ya koma ga na huɗu a sakan na 90. A mafi munin hali, ciniki 10 ya jawo tura kuɗi sau 22, wato 10 da 7 da 4 da 1, kuma babu kwamfutar da ta mutu, babu kuskuren da aka rubuta a ko'ina.

Akwai wata ɓarna a kan wannan. Galibi ana haɗa layin da wani layi na gefe da ake tura saƙonnin da suka gagara, ta hanyar saita `maxReceiveCount`. Idan an sa shi a 3, saƙo na 10 ba zai kai ga ma'aikaci na huɗu ba, za a jefa shi layin gefe a matsayin wanda ya gagara, alhali an biya shi sau uku. Wanda ya zo da safe ya mayar da saƙonnin gefe cikin babban layi zai biya na huɗu da hannunsa.

Ana gane wannan cuta ta alamomi biyu. Na farko, `ApproximateReceiveCount` na saƙonni yana haura 1 ba tare da wani ma'aikaci ya faɗi ba. Na biyu, yawan saƙonnin da aka karɓa ya zarce yawan waɗanda aka aiko da tazara mai faɗi. Cutar kuma tana ciyar da kanta: maimaicin yana ƙara wa kamfanin sadarwa nauyi, amsarsa ta ƙara jinkiri, wa'adi ya ƙara cika a kan saƙonni.

Me zai hana a tsawaita wa'adin?

Mai ja da wannan bayani zai ce gyaran mai sauƙi ne, a mayar da wa'adin awa ɗaya. A misalinmu hakan zai kashe maimaicin, kuma gaskiya ne wa'adin dole ya wuce lokacin da ake riƙe saƙo tun daga karɓa har gogewa, wanda a nan sakan 80 ne, ba 8 ba. Sai dai wa'adin shi ne kuma tsawon lokacin da aiki zai kwanta idan ma'aikaci ya mutu da gaske. Mai ciniki da ya biya kuɗinsa zai jira awa guda kafin wani ya ga saƙonsa. Lamba ɗaya ce ake ɗora wa buƙatu biyu masu karo da juna, gajarta don saurin farfaɗowa da tsawo don gudun maimaici.

Hanyar raba su ita ce sabunta wa'adi. A bar shi a sakan 30, ma'aikacin ya riƙa kiran `ChangeMessageVisibility` duk bayan sakan 10 a kan duk saƙonnin da ke hannunsa, har waɗanda bai fara ba. Sabon wa'adin yana farawa ne daga lokacin kiran. Idan ma'aikacin ya mutu, sabuntawar ta tsaya, aikin ya koma ga wasu cikin rabin minti. Idan kuma ya ga ba zai iya ba, sai ya mayar da wa'adin sifili, saƙon ya bayyana nan take. Wannan hanya tana da iyaka biyu. Jimillar ɓoyewa ba ta wuce awa 12 daga karɓa, komai yawan sabuntawa. Sannan idan sashen da ke sabuntawa yana raye amma ainihin aikin ya maƙale, saƙon zai daɗe a ɓoye babu mai yin sa, don haka dole aikin ya kasance da nasa iyakar lokaci.

Ko da sabuntawa, ƙofar ba ta rufu ba. Manhaja tana iya daskarewa na wasu sakanni yayin share ma'ajiyarta, ko hanyar sadarwa ta yanke tsakaninta da layin. Ta farfaɗo ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta san wa'adinta ya wuce ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma saƙon da ke hannun ma'aikaci aro ne da mai shi kan karɓe ba sallama.

Inda kariya ta gaskiya take

Tun da layin ba zai iya hana isar da saƙo sau biyu ba, sai a sa aikin kansa ya ƙi aukuwa sau biyu. Kowane ciniki a ba shi lamba tun a wurin aikawa, kuma rumbun bayanai ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. A PostgreSQL, idan `lamba` ita ce babban makullin teburin:

```sql
INSERT INTO ciniki_da_aka_biya (lamba)
VALUES ('T-1004')
ON CONFLICT DO NOTHING;
```

Idan rubutun bai shiga ba, wani ya riga ya yi aikin, sai a goge saƙon a wuce. Wannan yana wadatarwa ne idan sakamakon aikin yana cikin rumbun, aka rubuta shi tare da lambar a dunƙule, ko duka su shiga ko duka su faɗi. A misalinmu kuwa sakamakon yana waje. Idan aka rubuta lambar kafin tura kuɗi sai ma'aikaci ya mutu, mai ciniki bai samu komai ba, rumbun kuma yana cewa an biya. Idan aka tura kafin rubutawa, ana iya biya sau biyu. Mafita ita ce a miƙa wa kamfanin sadarwar lambar nan tare da kowane kira, shi ya gane maimaici, ko kuma a tambaye shi matsayin lambar kafin a sake turawa. Ga aikin da ke rubutu a ma'ajiya ɗaya, Martin Kleppmann ya bayyana wata dabara a 2016: kowane sabon mai riƙe kulle a ba shi lamba mafi girma, ma'ajiyar ta ƙi rubutun duk wanda lambarsa ta gaza wadda ta riga ta gani. Duka dabarun biyu sun ɗora hukunci a wurin da sakamakon yake sauka, domin nan ne kaɗai ake sanin ko aikin ya auku.

Kammalawa

Wa'adin ɓoyewa ya cika alkawarinsa idan aikin da aka yasar ya koma hannun wani. A auna shi da tsawon riƙe saƙo tun daga karɓa, a sabunta shi idan aikin mai tsawo ne, a kuma sa ido kan yawan sake karɓa. Kafin a ɗora kowane aiki a irin wannan layi, mai rubuta manhaja ya tambayi kansa abin da zai faru idan ma'aikata biyu suka yi shi a lokaci guda. Idan amsar asara ce, manhajar ba ta kammalu ba, ko nawa aka saita wa'adin.