Matsalar mai kaya da wakili: Dalilin da ya sa dillali ke gaggawar a yi sallama

Duk wanda ya miƙa wa dillali gida ko fili ko mota domin ya yi ciniki a madadinsa, ya shiga wata dangantaka da masana tattalin arziki ke kira matsalar mai kaya da wakili. Ma'anarta ita ce, mutum ɗaya ne ke da dukiya kuma shi zai ci riba ko ya yi asara, amma wani daban ne ke zaman ciniki. Wannan wakili ya fi mai kayan sanin kasuwa, mai kayan ba ya ganin duk abin da yake yi, sannan abin da wakilin zai samu bai yi daidai da abin da mai kayan zai samu ba. Stephen Ross ya yi fitaccen rubutu a kan batun a 1973, Michael Jensen da William Meckling suka faɗaɗa shi a 1976. A 2016 kuma Bengt Holmström da Oliver Hart suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda aikinsu a kan nazarin yarjejeniyoyi, fagen da wannan matsala ke tsakiyarsa.

Abin lura shi ne matsalar ba ta buƙatar dillali ya kasance mayaudari. Tana iya faruwa ko da mutumin kirki ne, domin tushenta yana cikin yadda ake lissafa la'ada.

Inda lissafi ke rabuwa

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan la'ada kaso ce daga farashi, to buƙatar dillali da ta mai kaya sun zama ɗaya, tunda in farashi ya hau la'ada ma za ta hau. Gaskiya ne tana hawa, amma ba da yawan da zai sa ya jure wahala ba. Abin da ke juya akalar dillali a teburin ciniki shi ne rabonsa daga ƙarin da za a samu a kan tayin da ke hannu.

A ɗauki misali. Wata mata ta ba dillali gidanta ya sayar, bisa la'adar kashi 5 cikin 100. Mai saye ya zo ya taya naira miliyan 20. Idan aka yi sallama yau, dillali na da naira miliyan 1. Idan kuma aka jira wata guda, akwai yiwuwar a samu wanda zai biya miliyan 21. Daga wannan ƙarin miliyan 1, mai gida za ta samu naira 950,000, dillali kuma naira 50,000 kacal. In har dillalai biyu ne za su raba la'adar, kamar yadda aka saba gani, rabonsa ya koma naira 25,000, ga kai-komon nuna gida da kiran waya na tsawon wata.

Akwai kuma haɗarin da jira ke ɗauke da shi. A ƙaddara cewa akwai yiwuwar ɗaya cikin goma cinikin ya kuɓuce masa a wannan wata, wato mai tayin ya janye, wani dillalin ya riga shi kawo mai saye. Ɗaya bisa goma na la'adar miliyan 1 shi ne naira 100,000, wanda ya ninka abin da yake fatan ƙaruwa da shi. Ita kuwa mai gida, ko wannan ciniki ya rushe gidanta na nan. Don haka idan dillali ya ce mata, "Hajiya, kasuwa ta yi sanyi, gara ki karɓa," mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa kuma lissafin aljihunsa ne ke magana. Ba ta da hanyar rarrabewa, saboda shi ne ya san kasuwar.

Abin da bincike ya gano a Amurka

Masana biyu na Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Chad Syverson, sun samo hanyar gwada wannan zato. Sun duba cinikin gidaje kusan 100,000 a unguwannin kewayen birnin Chicago, suka ware waɗanda dillalai suka sayar na kansu, suka kwatanta su da waɗanda suka sayar wa jama'a. Hikimar ita ce, idan dillali na sayar da gidansa, duk ƙarin da aka samu nasa ne, don haka a nan ake ganin ainihin ƙoƙarinsa.

A lokacin, la'adar da aka saba biya a can kashi 6 cikin 100 ce. Ana raba ta biyu tsakanin ɓangaren mai sayarwa da na mai saye, sannan kowane dillali ya raba nasa da kamfanin da yake wa aiki, abin da ke bar masa kusan kashi 1.5. Kenan a ƙarin dala 10,000, dala 150 ce ke shiga aljihunsa.

Sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna cewa gidajen dillalai na daɗewa a kasuwa da kimanin kwana tara da rabi fiye da na sauran jama'a, kuma ana sayar da su da ƙarin kusan kashi 3.7 cikin 100, bayan an yi la'akari da girma da unguwa da yanayin gidajen. Sun kuma lura cewa giɓin ya fi faɗi a unguwannin da gidaje suka bambanta sosai da juna, inda mai gida ba zai iya duba cinikin maƙwabcinsa ya gane darajar nasa ba. Giɓin ya ragu a shekarun baya-bayan binciken, lokacin da farashin gidaje ya fara samuwa a intanet. Wannan na nuna cewa ƙarancin sani ne ke ba matsalar ƙarfi.

Idan mai saye ne ya ɗauki wakili

A ɓangaren mai saye lamarin ya fi muni. Shi yana son farashi ya sauka, amma la'adar wakilinsa na ƙaruwa ne idan farashin ya hau. A Amurka an daɗe ana biyan dillalin mai saye daga kuɗin mai sayarwa. A watan Oktoban 2023 masu taimaka wa alƙali a wata kotun tarayya a jihar Missouri suka yanke cewa ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, wato NAR, da wasu manyan kamfanoni sun haɗa baki wajen riƙe la'ada a sama, aka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris na 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418 tare da sauya ƙa'idojinta. Daga watan Agustan wannan shekara, dole mai saye da dillalinsa su rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta fayyace ladan dillalin kafin a fara zagayen duba gidaje.

Matakin ƙarshe na wannan saɓani shi ne dillalin da ke karɓar la'ada daga ɓangarorin biyu. Shi ya san mafi ƙarancin abin da mai kaya zai karɓa, ya san mafi yawan abin da mai saye zai iya biya, kuma buƙatarsa guda ce, a ƙulla cinikin a kowane farashi.

Yadda ake daidaita buƙatu

Tunda matsalar tana kan ƙarin da ake samu a sama, a nan ya kamata a ɗora lada mai tsoka. A koma ga gidan Hajiya. Maimakon kashi 5 a kan komai, sai a yi yarjejeniyar kashi 3 a kan miliyan 20 na farko, da kashi 25 a kan duk abin da ya haura haka. Idan an sayar miliyan 20, dillali na da naira 600,000. Idan an kai miliyan 21, yana da 850,000. A miliyan 22 zai samu miliyan 1 da dubu 100, daidai da abin da tsohon tsarin zai ba shi, kuma daga nan sama sabon tsarin ya fi masa riba. Yanzu kowane ƙarin miliyan 1 na kawo masa naira 250,000 maimakon 50,000, abin da ya isa ya sa ya jira wata guda.

Sai dai wannan tsari na da tarkonsa, wato wurin da aka sa iyakar. Idan dillalin ne ya ƙiyasta darajar gidan, yana da dalilin da zai ce miliyan 18 ne alhali ya san zai yi 22, domin ya ci kashi 25 a kan kuɗin da da ma za su zo ba tare da wani ƙoƙari ba. Idan kuma mai gida ta sa iyakar a miliyan 26, wadda ba za a kai ba, dillalin zai ga kashi 3 kawai ya rage masa, ya karkata ga wasu gidajen. Saboda haka dole ƙiyasin ya fito daga wani wuri daban: ƙwararren mai tantance darajar kadarori da aka biya shi kuɗin aikinsa kai-tsaye, ko farashin gidaje biyu zuwa uku makamantansa da aka sayar kwanan nan a unguwar.

Tsarin da aka sani a kasuwanninmu, inda mai kaya ke cewa "kawo mini kaza, abin da ya ɗoru naka ne", shi ne ƙarshen wannan hanya, domin dillali na cin kashi 100 na ƙarin. Yana sa shi ya yi ƙoƙari matuƙa, amma yana ba shi babban dalilin rage wa mai kaya darajar kayansa da ɓoye masa ainihin farashin da aka biya. Wannan ne ya sa jihohi da dama a Amurka suka haramta shi a cinikin gidaje. Ya fi dacewa da kayan da mai su ya san farashinsu sarai.

Tsarin la'ada kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da sharuɗɗan da ke rage abin da wakili zai iya ɓoyewa. A rubuta cewa kowane tayi zai iso ga mai kaya tare da sunan mai tayin. A rubuta cewa dillali ba zai karɓi komai daga ɗaya ɓangaren ba sai da sanin mai kaya. Kuɗin ciniki ya shiga asusun mai kaya kai-tsaye, kuma adadin da ke kan takardar ya zama wanda aka biya da gaske. A ba shi wa'adi, misali wata uku, wanda a cikinsa shi kaɗai ke riƙe da cinikin. Wannan na cire masa fargabar wani zai riga shi, wadda ita ce ke sa shi gaggawa, kuma yana bar wa mai kaya damar sauya shi idan wa'adin ya cika.

Alamomin da ake dubawa

Ana gane wakilin da buƙatarsa ta rabu da ta mai kaya ta hanyar ɗabi'unsa. Yana matsa lamba a karɓi tayin farko ba tare da ya kawo na biyu ba. Yana ƙin haɗa mai kaya da mai saye ko a ranar sa hannu. Ƙiyasinsa na sauka da zarar an ba shi aikin, alhali babu abin da ya sauya a kasuwa. Tun farko yana neman ya san mafi ƙarancin abin da za a karɓa, sai kuma a ga tayin ya zo daidai da wannan adadi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tabbatar da ha'inci shi kaɗai, amma idan biyu ko uku suka haɗu, ya kamata mai kaya ya nemi ƙiyasi na biyu kafin ya yi sallama.

Tambayar da ta fi amfani kafin a ba kowane wakili aiki, dillalin fili ne ko lauya ko kamfanin da gwamnati ta ɗauka ya karɓo mata bashi bisa kaso, ita ce: idan ya ƙara ƙoƙari ya samo ƙarin naira ɗari, nawa ne nasa a ciki, kuma me zai rasa idan cinikin ya rushe?